Layin da ke hana taransfoma biyu zama gida ɗaya

Idan masana'antar casar shinkafa ta ƙaro injuna har taransfomarta ta fara nishi, abin da yake fara zuwa ran mai ita shi ne ya sayo ta biyu, a haɗa su a kan layi ɗaya su raba lodi. Tunani ne mai kyau, kuma ana yin haka a ko'ina. Sai dai yawancin masu saye abu biyu kawai suke karantawa a farantin ƙarfen da ke manne a jikin taransfoma: girmanta da ƙarfin wutar da take karɓa da bayarwa. Akwai wani ɗan layi a ƙasa mai suna Vector Group, gabansa an rubuta Dyn11 ko Yyn0 ko makamancin haka. Wannan layin ne yake yanke hukunci ko haɗin zai yiwu.

Wutar da muke amfani da ita ba a tsaye take ba. Tana hawa tana sauka sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma fes ukun nan ba tare suke kaiwa ƙololuwa ba. Kamar mata uku ne a lugude, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Injiniyoyi suna ɗaukar zagaye ɗaya a matsayin digiri 360, don haka tsakanin fes da fes akwai digiri 120. Kafin a haɗa taransfoma biyu, dole fes na farko na wannan ya hau ya sauka a daidai lokacin da na waccan yake yi, haka na biyu da na uku.

Matsalar ita ce taransfoma tana iya gusar da wannan lokacin, gwargwadon yadda aka ƙulla koyil ɗinta a ciki. A ƙullin dalta, kowane koyil yana tsakanin fes biyu. A ƙullin tauraro kuwa, yana tsakanin fes ɗaya da nutural. Wutar da ke tsakanin fes biyu tana da ratar digiri 30 da wadda ke tsakanin fes da nutural, saboda haka duk taransfomar da ke da dalta a gefe ɗaya da tauraro a ɗaya gefen sai ta fitar da wuta a gushe.

Abin da haruffan suke faɗa ke nan. Babban harafi na gefen babbar wuta ne, ƙarami na gefen ƙarama: D dalta, y tauraro, n kuma an fito da nutural waje. Lambar kuwa agogo ce. A ɗora babbar wuta a kan 12, sai lambar ta nuna inda ƙaramar ta tsaya, kowace awa digiri 30. Dyn11, wadda ita ce aka fi gani a unguwannin Najeriya, ƙaramar wutarta tana gaba da digiri 30. Dyn1 tana baya da 30. Yyn0 ba ta gusa ko kaɗan.

Digiri 30 kashi ɗaya ne kacal cikin 600 na daƙiƙa. To, ga abin da yake haifarwa. A ce masana'antar tana da 500 kVA mai karɓar bolt 11,000 ta ba da 415, rukuninta Dyn11, aka sayo wata mai girma ɗaya amma Yyn0. A auna kowacce ita kaɗai, za a ga bolt 240 tsakanin fes da nutural, lafiya lau. Amma tsakanin fes na farko na wannan da fes na farko na waccan akwai 2 × 240 × sin 15°, wato kimanin bolt 124, fiye da rabin wutar. Da zarar an rufe bireka, wannan bambancin zai tura wuta daga ɗaya zuwa ɗaya, ba abin da ke tare ta sai turjiyar cikin taransfomomin. Idan ta kowacce kashi 5 cikin ɗari ce, jimilla 10 ke nan. Bambancin kashi 52 a kan turjiyar kashi 10 ya ba da ninki biyar da ɗoriya na cikakken lodi. Cikakken lodin irin wannan taransfoma kusan amfiya 696 ne, don haka wajen amfiya 3,600 za su yi ta kewayawa tsakaninsu alhali ba a kunna ko ƙwan fitila ba. Zafin koyil kuma ninkin ninki yake tafiya, ya haura sau 25. In an yi sa'a fis ya tsinke ko bireka ta faɗi. In an ɗaure fis da waya mai kauri, kamar yadda ake yawan yi, koyil ne zai ƙone.

Abin mamakin shi ne Dyn1 da Dyn11, waɗanda ratarsu digiri 60 ce, suna da magani. In an haɗa su kai tsaye bambancin cikakken bolt 240 ne, ɓarnar ta ninka ta ɗazu. Amma a musanya fes B da C a shigar Dyn1, a musanya b da c a fitarta, sai ta koma aiki tamkar Dyn11, ba tare da an buɗe tanki ba. Dyn11 da Yyn0 kuwa ba su da wannan mafita. Juya wayoyi a waje ba ya mayar da lamba mara zuwa cika, kuma 11 mara ce, 0 cika. Wanda ya sayi irin wannan, sai dai ya raba injunansa gida biyu kowace taransfoma ta ci gashin kanta, ko ya mayar da ita.

Akwai tarkon da ma'aikata da yawa suke faɗawa. Sukan ɗora mitar da ke nuna jerin juyawar fes, ta nuna duka biyun suna juyawa gefe ɗaya, sai su ce shi ke nan. Wannan mitar jeri take gani, ba ta ganin rata. Gwajin da ya dace shi ne a ba taransfomomin wuta daga layi ɗaya, a haɗa nutural ɗinsu, a bar birekar da ke tsakaninsu a buɗe, sannan ƙwararre ya auna tsakanin bakunan da za su haɗu da mitar da ke jure fiye da bolt 500. Uku ɗin duka su nuna kusan sifili, kuma daga fes ɗaya zuwa sauran biyun na waccan a ga 415. In aka ga 124 da 339 da 464, rata ce ta digiri 30, a tsaya. In 240 da 240 da 480 ne, a koma kan musanya wayoyi, a sake aunawa.

Ko ɗan ƙaramin karatu ma kada a raina shi. Bolt 6 alama ce makunnin daidaita wuta na ɗaya ya saɓa da mataki guda, wato kashi 2.5 cikin ɗari, kuma wannan kaɗai zai sa amfiya 174 kewayawa a banza. Haka turjiyarsu ta zama kusan ɗaya, in ba haka ba mai ƙarama ce za ta kwashi lodi.

Mai shirin sayen taransfoma ta biyu, musamman ta hannu wadda aka taɓa sake mata naɗi, ya ɗauki hoton farantin ta farko ya tafi da shi kasuwa. Bayan an kafa ta kuma, kada ya yarda a rufe bireka sai an nuna masa sifili uku a kan mita.