Layin MA da Lambar RSI: Abin da Suke Aunawa da Inda Suke Ruɗarwa

Duk wanda ya buɗe manhajar cinikin hannun jari ko kuɗin kirifto zai ga wani layi yana bin farashi a baya, a ƙasa kuma wani yana kai-komo tsakanin 0 da 100. Na farko shi ne MA, matsakaicin farashi mai tafiya da kwanaki. Na biyu RSI. Dukansu da abu ɗaya ake haɗa su: farashin da kasuwa ta tashi a kai a kwanakin da suka wuce. Ba su san ribar kamfani ba, ba su san yawan hajar da aka saya ba.

A ce hannun jari ya rufe a naira 100, 102, 104, 106, 108 cikin kwana biyar. An tara, an raba biyar, an sami 104. Amma 104 farashin shekaranjiya ne. Haka lissafin yake kullum: matsakaici yana makara da kusan rabin kwanakin da aka tara. Saboda haka MA na kwana 200, wanda masu sharhi ke ji da shi, labarin wajen kwana 100 na ciniki da suka wuce yake bayarwa, kusan wata biyar ke nan.

Abin da ya faru a Amurka a 2020 ya nuna tsadar wannan makara. Ma'aunin S&P 500 ya kai 3,386 ranar 19 ga Fabrairu, sai korona ta rikito da shi zuwa 2,237 ranar 23 ga Maris. Ƙa'idar da aka saba ita ce a sayar idan layin kwana 50 ya gangaro ƙasan na 200, a saya idan ya sake hawa samansa. Alamar sayarwa ba ta fito ba sai ƙarshen Maris, mako guda bayan kasuwa ta taɓo ƙasa ta juyo, tana wajen 2,600. Ihu bayan hari. Alamar saye kuwa sai cikin Yuli, farashi ya riga ya haura 3,100. Wanda ya bi ƙa'idar sau da ƙafa ya sayar da arha, ya dawo ya saya da tsada. MA yana da rana idan farashi ya miƙe hanya ɗaya na tsawon watanni. Idan kuwa yana ta wasa tsakanin iyaka biyu, layukan za su yi ta giciye, kuɗin dillali yana cin uwar kuɗi.

RSI kuwa wani injiniya Ba'amurke, J. Welles Wilder, ya fito da shi a 1978. Ana duba kwana 14, a ware hawa daban, sauka daban:

```
RSI = 100 - 100 / (1 + RS)
```

RS shi ne matsakaicin hawa a raba da matsakaicin sauka. Idan a kwanakin nan jimlar hawa naira 21 ce, ta sauka naira 7, RS ya zama 3, RSI ya tashi 75. Ma'anarsa kawai kashi uku cikin huɗu na motsin farashi sama ya yi. Daga nan kowace sabuwar rana kashi ɗaya cikin 14 na nauyi take samu.

A nan ne mutane ke faɗawa rami. An koya musu cewa sama da 70 an yi wa haja saye fiye da kima, ƙasa da 30 an zubar da ita fiye da kima. A ganina wannan fassara ta wuce abin da lissafin ya faɗa. Hannun jarin da ke ƙara kwabo goma kullum har kwana 14 ba tare da ya sauka ba, RSI ɗinsa 100 ne cif, alhali naira ɗaya da kwabo arba'in kacal ya ƙaru. Lambar ba ta auna tsada. Ɗaukar gefe ɗaya take aunawa. Kuma haja mai ƙarfi ita ce ke ɗaukar gefe ɗaya, shi ya sa takan zauna sama da 70 makonni tana ci gaba da hawa, wanda ya yi gaggawar sayarwa yana cizon yatsa. Kamfanin da ke durƙushewa ma yakan kwanta ƙasa da 30 har a daina cinikinsa.

Akwai gwaji mai sauƙi. A sauya 14 zuwa 7 a manhaja, za a ga lambar tana ƙetare 70 da 30 a kai a kai. A mayar da ita 28, sai yawancin alamomin su ɓace, alhali farashin nan dai shi ne. Wanda kuma ya ce ya ga RSI da MA sun yi ittifaƙi, ya tuna daga jerin farashi ɗaya aka ciro su, don haka shaida ɗaya ce aka ji sau biyu.