Arduino ko ESP32: Wanne Ya Dace da Aikin Farko a Gida?

Duk gidan da ke da tankin ruwa a sama ya san abubuwa biyu. Ko dai a kunna injin jan ruwa a manta, sai ruwa ya malale bango ya cika tsakar gida, ko kuma a buɗe famfo da asuba a tarar tanki ya ƙafe, alhali wuta ta kwana ba a ja ba. Shi ya sa na'urar da za ta faɗi yawan ruwan da ke cikin tanki ta zama aiki mai kyau ga wanda ke son fara koyon haɗa na'urorin lantarki. Kayan ba su da yawa: ma'aunin nisa guda, 'yan wayoyi, da ƙaramin allo mai ƙwaƙwalwa da zai karanta ma'aunin. A kan allon nan ne mai koyo kan tsaya, domin mai shago zai ɗauko masa biyu, Arduino Uno da ESP32, ya ce ya zaɓa.

An fara Arduino a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, domin ɗalibai masu koyon zane da ƙira waɗanda ba injiniyoyi ba ne. Uno, wanda ya fito a 2010, shi ne fitaccen allonsu. Ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce, tana gudu a 16 MHz, kuma wurin ajiyar da take aiki da shi bai wuce kilobayit 2 ba. ESP kuwa na kamfanin Espressif ne da ke Shanghai. ESP8266 ya bazu a 2014, ESP32 ya biyo baya a 2016 da ƙwaƙwalwa mai kai biyu, gudu har 240 MHz, wurin ajiya kilobayit 520, ga waifai a jikinsa.

Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce ai magana ta ƙare. To amma auna ruwa sau ɗaya a minti ba ya buƙatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin Uno. Abin da ya kamata mai koyo ya tambayi kansa shi ne: idan na'urar ta auna, ina lambar za ta je? In fitila ce za ta kama a bango, ko ƙararrawa ta yi kuka idan tanki ya cika, Uno ya wadatar. In kuwa so ake a ga lambar a salula daga cikin ɗaki, ESP32 ake nema, domin Uno na gargajiya ba shi da waifai. Ƙara masa daga baya yana nufin liƙa masa wani ESP ɗin, ka ga an koma gidan jiya, da ƙarin wayoyi da ƙarin kashe kuɗi.

Yadda ma'aunin yake aiki

Ma'aunin da aka fi samu shi ne HC-SR04, mai idanu biyu kamar na mujiya. Ido ɗaya yana harba sautin da kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana sauraron dawowarsa bayan ya bugi saman ruwa. Ƙafafunsa huɗu: VCC da GND na wuta, TRIG inda allo ke ba shi umarnin harbawa, sai ECHO inda yake mayar da amsa. Yana auna daga santimita 2 zuwa kimanin mita 4. Ga zuciyar umarnin da ake rubutawa:

```
digitalWrite(TRIG, HIGH);
delayMicroseconds(10);
digitalWrite(TRIG, LOW);
long t = pulseIn(ECHO, HIGH, 30000);
float cm = t / 58.0;
```

Lambar da ke shiga t ita ce lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa, a ma'aunin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. In aka raba ta da 58 sai a sami santimita. A ɗauka tankinka mai lita 1000 ne, daga ma'aunin da ke jikin murfi zuwa ƙasan tanki santimita 120, kuma idan ya cika ruwan na tsayawa santimita 20 ƙasa da ma'aunin. Ke nan tsayin ruwa cikakke santimita 100 ne. Idan t ta ba da 2900, nisa ya zama santimita 50. Cire 50 daga 120, saura 70. Tankin yana kashi 70 cikin ɗari, wato kimanin lita 700 in bangonsa miƙaƙƙe ne.

Abin lura shi ne layukan nan biyar suna aiki a kan Uno da ESP32 ba tare da an canza ko harafi ba. Sunan Arduino ya haɗa da allo da kuma manhajar Arduino IDE da ake rubuta umarni a ciki, kuma ESP32 ma da ita ake sarrafa shi. Saboda haka abin da ka koya a kan ɗaya ba ya ɓacewa idan ka koma ɗayan. Bambancin yana wajen haɗa wayoyi.

Inda 5V da 3.3V suke karo

Uno yana aiki da 5V, HC-SR04 ma haka. Ka haɗa TRIG da ƙafa ta 9, ECHO da ta 10, ka ba shi wuta, shi ke nan. ESP32 kuwa 3.3V ne, kuma ba a ƙera ƙafafunsa don ɗaukar 5V ba. In ka jona ECHO kai tsaye, mai yiwuwa ya yi aiki yau da gobe, har ka saki jiki, sai wata rana ƙafar ta mutu ba hayaƙi ba ƙauri. Akasin haka ma matsala ce: in ka ba ma'aunin 3.3V domin gudun haka, tsohon samfurinsa zai riƙa ba ka sifili ko lambobin da ba kai ba gindi.

Maganin rizista biyu ne. Ka ba ma'aunin wuta daga ƙafar da aka rubuta VIN ko 5V. Ka sa rizista mai 1k tsakanin ECHO da ƙafar ESP32, sannan mai 2k daga wannan ƙafar zuwa GND. Wutar za ta rabu, kashi biyu cikin uku su isa allon, wato kimanin 3.3V. Aikin minti biyu ne, amma sai wanda aka faɗa wa.

Haka nan ba kowace ƙafar ESP32 ake taɓawa ba. Daga ta 6 zuwa ta 11 suna haɗe da ma'ajiyar allon, in ka jona musu wani abu ba zai tashi ba. Daga ta 34 zuwa ta 39 karɓa kawai suke yi, don haka TRIG ba zai yi a kansu ba. Ta 0, 2, 12 da 15 allon yana duba su lokacin tashi, ma'aunin da ke kansu na iya hana shi farawa. Don wannan aiki ka ɗauki ta 25 da ta 26 ka huta. A Uno dokar ɗaya ce: ka bar ta 0 da ta 1, da su yake magana da kwamfuta.

Wuta da waifai

Waifai yana da ci. Uno yana jan kimanin 50 mA a tsanake. ESP32 kuwa idan zai aika saƙo yakan fizgi sama da 200 mA a lokaci guda. Caja mai rauni ko siririn kebur mai tsawo ba za su iya ba, sai allon ya riƙa mutuwa yana tashi. Za ka gane haka idan ka buɗe Serial Monitor ka ga wannan layi yana maimaituwa:

```
Brownout detector was triggered
```

Kada ka taɓa umarninka, ba laifinsa ba ne. Ka canza kebur zuwa gajere mai kauri, ka sa cajar da ke ba da aƙalla 500 mA.

Sai kuma waifai ɗin kansa. ESP32 na asali da ESP8266 suna kama 2.4 GHz ne kaɗai, ba sa ganin 5 GHz, ko da kalmar sirrin daidai take. A gidaje da yawa kuma waifai na salular maigida ne, yana fita kasuwa ya tafi da abinsa. Ga wannan akwai dabara: da umarnin WiFi.softAP allon zai buɗe nasa waifai, ka haɗa salularka da shi, ka buɗe 192.168.4.1 ka ga lambar, ba data ba rauta. Iyakarta dai sai kana cikin gida, kuma bangon siminti yana rage nisan.

Ranar farko

Uno na asali ana jona shi a zaɓi sunansa a loda. Yawancin na kasuwa kwafi ne, wanda ba laifi ba ne tunda a buɗe aka saki tsarin, sai dai sukan zo da guntu mai suna CH340 wanda wata kwamfutar ba ta gane shi sai an saka mata direbansa. ESP32 yana da wannan matakin, da CH340 ko CP2102, da ƙarin biyu. Sai ka sauke kunshinsa ta Boards Manager, mai cin data sosai, gara a yi shi inda intanet ke da ƙarfi. Sannan a wasu allunan, in lodi ya tsaya a kan Connecting, sai ka danne maɓallin BOOT har ya fara. In kuwa kwamfuta ba ta ga allon ba sam, kafin ka zargi mai shago ka gwada wani kebur, domin da yawa na caji ne kawai, babu wayar saƙo a cikinsu.

Akwai matsalar da ba ruwanta da allon da ka zaɓa. Cikin tanki akwai danshi, kuma HC-SR04 a buɗe yake, zai yi tsatsa. Ka koya da shi a kan tebur da bokiti, idan za a kafa na dindindin a nemi JSN-SR04T mai jure ruwa, amma shi ba ya ganin abin da ke kusa da shi ƙasa da kimanin santimita 20 zuwa 25, sai a ɗaga shi. Zafi ma yana taɓa lissafi: sauti ya fi sauri a iska mai zafi, don haka da rana tsaka a watan Afrilu nisa zai ragu da kashi 3 ko 4 cikin ɗari. Ga tanki wannan ba komai ba ne. Injin jan ruwa kuwa, mai aiki da wutar gida, ka bar wa mai gyaran wuta. Aikin farko ya tsaya a kan aunawa.

To wanne za a saya? Wanda bai taɓa riƙe rizista ba, kuma ƙararrawa ta ishe shi, ya ɗauki Uno, zai ga lamba a daren farko. Wanda ya san tun yanzu a salula yake son ganin ruwansa, ya ɗauki ESP32 da rizistocinsa biyu, ya bar ESP8266 tunda ƙafafunsa kaɗan ne. Amma kada ya kunna waifai tukuna. Ya fara ganin santimita a Serial Monitor, ya sa awon tela a bokiti ya tabbatar lambar gaskiya ce. Bayan nan, duk abin da ya lalace ya san daga waifai ne, ba sai ya hau saman tanki yana laluben waya ba.