Littafin Cinikin Ƙasa da Sifili a Ƙarshensa

A ce wani attajiri a kasuwar Dawanau ta Kano ya tara riɗi ya sayar wa kamfani a Japan kan dala dubu 100. Shi dai ya gama nasa, buhuna sun tafi, kuɗi sun shigo. Ma'aikatan ƙididdiga na Babban Bankin Najeriya kuwa sau biyu za su rubuta wannan ciniki. Za su rubuta cewa kaya na dala dubu 100 sun fita daga ƙasa, sannan su rubuta cewa ajiyar da bankinsa ke da ita a waje ta ƙaru da dala dubu 100. A nan sirrin littafin da ake kira ma'aunin biyan kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasashen waje yake: kowace mu'amala ƙafa biyu gare ta, abin da aka bayar da abin da aka karɓa, kuma darajarsu ɗaya ce. Shi ya sa idan aka ba ɗaya alamar ƙari, ɗaya alamar ragi, aka haɗa komai, dole a tashi da sifili.

Kafin a rubuta komai, sai an san wane ne na gida, wane ne na waje. Ba fasfo ake dubawa ba, mazauni ake dubawa. Bakanon da ya shekara goma yana aiki a Jidda, a wannan littafi mutumin waje ne, domin ƙa'idar ita ce zaman shekara guda ko fiye. Kamfanin Sin da ya kafa masana'anta a Legas kuwa na gida ne. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ne ke tsara waɗannan ƙa'idoji, don lissafin Najeriya ya yi magana ɗaya da na Nijar ko Gana.

Asusu uku ne. Na farko shi ne na harkokin yau da kullum: kaya irin su ɗanyen mai, riɗi da magunguna, hidimomi irin su kuɗin jirgi da masaukin alhazai a Makka, ruwan bashi da ribar da kamfanonin waje ke samu a nan, sai kuɗin da 'yan uwa ke aikowa gida. Asusun hada-hadar kuɗi shi ke ɗauke da duk abin da ya canza bashin da ake bin mu ko wanda muke bi: rance, sayen hannun jari, ajiya a bankunan waje, da ajiyar kuɗin waje ta Babban Banki. Tambayar da ke raba su mai sauƙi ce: bayan an gama, akwai sauran wanda ke bin wani? Idan ƙanenka ya aiko maka da dala 500 daga Landan kyauta, an gama, ba ya bin ka komai, wannan na yau da kullum ne. Idan ya ranta maka ne, yana bin ka, ya koma hada-hadar kuɗi.

Na tsakiyar, asusun jari, shi ne ke ruɗa mutane, kuma a ganina sunansa ne ya jawo. Duk wanda ya ji "jari" zai ɗauka nan ake rubuta kuɗin masu zuba jari. Ba haka ba ne, su suna can cikin hada-hadar kuɗi. Asusun jari ƙarami ne, yawanci kyautar dukiya mai ɗorewa yake ɗauka, kamar tallafin gina gada, da kuma yafe bashi.

Najeriya ta taɓa ganin wannan a aikace. A shekarar 2005, zamanin Obasanjo, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, aka daidaita da ƙasashen Ƙungiyar Paris kan bashin kusan dala biliyan 30. Sun yafe kusan biliyan 18, Najeriya ta biya kusan biliyan 12, aka kammala a 2006. Bisa ƙa'ida, biliyan 18 ɗin kyauta ce da aka karɓa, don haka ƙafarta ɗaya tana asusun jari da alamar ƙari, ɗaya ƙafar tana hada-hadar kuɗi a matsayin raguwar bashi, ko da yake ko dala ɗaya ba ta motsa ba. Uwar bashin da aka biya kuwa ƙafafunta biyu duk suna hada-hadar kuɗi: ajiyar waje ta ragu, bashi ma ya ragu. Ruwan da ke hawa kan bashi shi kaɗai ke zuwa asusun yau da kullum.

Bari mu ƙaga wata 'yar ƙasa mu rufe mata littafin shekara, lambobin duka miliyoyin dala. Ta sayar da riɗi na 100, ta sayo magunguna da injuna na 120, alhazanta sun kashe 30, 'ya'yanta da ke waje sun aiko da 40. Abin da ya shigo 140, abin da ya fita 150, giɓin yau da kullum ya zama 10. An ba ta tallafin gada na 4 a asusun jari, saura 6. To daga ina shidan nan ta fito? Ba a kashe abin da ba a samu ba. A ce wani kamfanin waje ya kawo 3 ya kafa masana'anta, Babban Banki kuma ya ciri 3 daga ajiyarsa. Ragin 10, ƙarin 4, ƙarin 3, ƙarin 3: sifili.

A lura, cirar ajiya alamar ƙari take ɗauka, domin ita ce ta toshe ramin. Saboda haka idan ka ji an ce ƙasa ta samu giɓi a ma'aunin biyan kuɗi, ba a nufin littafin ya ƙi tashi daidai. Ana nufin sai da aka taɓa ajiya kafin ya tashi, kuma wannan ne ya kamata ya dami mai karatu, don ajiya tana ƙarewa.

A zahiri kuwa lissafin ba ya zuwa cif haka, domin ƙafafun biyu ba daga hannu ɗaya suke fitowa ba. Kwastam ke kawo bayanin kaya, bankuna ke kawo na kuɗi, wasu lambobin ma kintace ne. A ce a misalinmu ajiyar ta ragu da 1 kawai. Jimilla ta tsaya a ragin 2, sai a buɗe layi na ƙarshe, na kurakurai da abin da aka tsallake, a sa masa ƙarin 2. Wannan layi bai kamata a raina shi ba. Idan ya zo da ƙari, kuɗi sun shigo ta hanyar da ba a gani ba, wataƙila hatsin da ya bi ta daji ya tsallaka iyaka, ko dalolin da matafiyi ya riƙo a aljihu. Idan shekara da shekaru yana zuwa da babban ragi, sai a fara zargin ana sulalewa da kuɗi waje, ko ana shigo da kaya ta bayan fage.

Har ila yau, ƙanƙantar wannan layi ba ta tabbatar da cewa an ga komai. Kuskuren ƙari da na ragi kan cinye juna. Sannan wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Konni zuwa Illela, ya san ana koro shanu a koma da masara ko gero, ba kwastam, ba banki. A irin wannan ciniki ƙafafun biyu ne suka ɓace tare, don haka littafin Abuja da na Yamai duk za su tashi a sifili ba tare da shanun ko masarar sun taɓa shiga cikinsu ba.