Da'ira ko sanduna: zanen da ya dace da sakamakon zaɓe

A zaɓen shugaban Najeriya na 2023, Atiku Abubakar ya samu kashi 29 cikin ɗari, Peter Obi kashi 25. A zanen da'ira mai yanka-yanka, da ƙyar ido zai gane wanda ya fi. Sanduna a jere kuwa suna nuna ratar nan take, muddin sun tashi daga sifili. Idan aka fara daga 20, sandar Atiku za ta kusa ninka ta Obi.

Zane kan yaɗu a WhatsApp babu labarinsa, don haka dole rubutun ƙasansa ya wadatar: "Kason ƙuri'un manyan 'yan takarar shugabancin Najeriya, 25 ga Fabrairu 2023. Alƙaluma daga INEC."