Agogon awa 12 da na awa 24

Agogon awa 12 da agogon awa 24 hanyoyi biyu ne na ƙidayar awoyin yini. A tsarin awa 12 ana raba yini gida biyu, kowane kaso awa goma sha biyu, sai a liƙa wa kason farko alamar AM, na biyun kuma PM. A tsarin awa 24 ƙidayar tana farawa daga 00:00 da tsakar dare ta zarce har 23:59, ba a maimaita lamba. Tsarin farko ya fi yaɗuwa a ƙasashe irin su Amurka, Indiya da Najeriya. Na biyun shi ne na yawancin ƙasashen Turai da na hukuma a Jamhuriyar Nijar, inda ake rubuta 13h30 irin na Faransanci, kuma shi sojoji da ma'aikatan jiragen sama suka fi amfani da shi. Tsarin biyu suna fassara juna ba wahala, sai a wuri guda: ƙarfe goma sha biyu.

Ma'anar AM da PM

Haruffan sun samo asali ne daga Latin. AM gajarcen "ante meridiem" ne, wato kafin tsakar rana, PM kuma "post meridiem", bayan tsakar rana. Ke nan duk alamomin biyu da tsakar rana ake auna su. Ita kuwa tsakar rana ba ta gabaci kanta ba, ba ta kuma biyo bayan kanta ba, don haka idan aka bi ma'anar kalmomin, babu alamar da ta dace da ƙarfe 12 na rana. Tsakar dare kuma duk biyun sun dace da ita, domin awa 12 ce bayan tsakar ranar da ta wuce, kuma awa 12 ce kafin mai zuwa.

Abin da ake bi a yau al'ada ce da aka saba da ita. Wayoyi da kwamfutoci suna nuna 12:00 AM da tsakar dare, 12:00 PM da tsakar rana. Hujjar ita ce 12:01 na rana babu shakka bayan tsakar rana take, to ya fi sauƙi alamar ta canja a daidai lokacin da 12 ta bayyana, maimakon a ce 12:00 AM sannan bayan minti ɗaya a ce 12:01 PM. Lambar 12 a nan aikin sifiri take yi. Shi ya sa jerin yake tafiya 12, 1, 2 har 11, kuma 12:30 AM take zuwa kafin 1:00 AM duk da cewa lambarta ta fi girma.

Ba kowa ne ya bi wannan al'ada tun farko ba. Littafin ƙa'idojin rubutu na maɗaba'ar gwamnatin Amurka ya kasance yana kiran tsakar rana 12 a.m., tsakar dare kuma 12 p.m., sai a bugun 2008 aka juya su. A Japan akan kauce wa matsalar ta hanyar rubuta ƙarfe 0 na kason farko don tsakar dare, da ƙarfe 0 na kaso na biyu don tsakar rana.

Yadda ake juya lokaci

Daga 1:00 AM zuwa 11:59 AM lambar ba ta canjawa, sai dai a ƙara sifiri a gaba idan guda ɗaya ce, kamar 07:15. Daga 1:00 PM zuwa 11:59 PM ana ƙara 12, don haka 4:20 PM ta zama 16:20. Awa biyu ne suka saɓa wa wannan. Awar 12 PM tana nan yadda take, 12:45 PM ita ce 12:45. Awar 12 AM kuwa ana cire mata 12, 12:45 AM ta koma 00:45. Wanda ya haddace "a ƙara 12 idan PM ce" kawai zai mayar da 12:45 na rana 24:45, lokacin da babu shi a agogo.

Tsakar daren wace rana?

Ko an yarda cewa 12:00 AM tsakar dare ce, akwai sauran tambaya. A ce wata makaranta ta sanar cewa za a rufe shafin rajista ranar Juma'a 10 ga wata da 12:00 AM. Ɗalibi na farko ya ɗauka tsakar ranar Juma'a ake nufi. Na biyu ya ɗauka yana da wunin Juma'a gaba ɗaya har dare ya raba. Ita kuwa kwamfuta 12:00 AM a wurinta farkon rana ne, wato minti ɗaya bayan 11:59 na daren da ya biyo wunin Alhamis. Na farko zai makara da awa 12, na biyu da awa 24. Saboda irin wannan ne hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, take ba da shawarar a guji rubuta 12 AM ko 12 PM, a rubuta kalmar tsakar rana, ko a yi amfani da 11:59 PM don ƙarshen rana da 12:01 AM don farkonta. Takardun inshora da jadawalin sufuri da yawa haka suke yi.

Tsarin awa 24 yana da sunaye biyu ga wannan lokaci. 00:00 na ranar 11 da 24:00 na ranar 10 lokaci ɗaya ne, na farko yana buɗe rana, na biyu yana rufe ta. Yawancin agogo ba sa nuna 24:00, a jadawali aka fi ganin ta. Ƙidaya yini daga tsakar dare, daga sifiri zuwa awa 24, na cikin abin da taron ƙasa da ƙasa na birnin Washington ya amince da shi a 1884, taron da ya zaɓi layin Greenwich.

A harshen Hausa

Mai magana da Hausa yana ƙidaya da awa 12, amma ba kaso biyu yake raba yini ba. Yana cewa ƙarfe biyar na asuba, tara na safe, ɗaya na rana, biyar na yamma, goma na dare. Don haka "sha biyun rana" da "sha biyun dare" ba sa rikita kowa, a nan Hausa ta fi AM da PM fayyace magana. Amma waɗannan kalmomi ba su yi daidai da alamomin biyu ba: ƙarfe 11 na dare PM ce, ƙarfe 1 na dare AM ce. Wanda ya fassara PM da "dare" kai tsaye shi ne yake karanta 12:00 PM a matsayin tsakar dare.

Akwai kuma maganar sunan daren. A lissafin Musulunci rana tana farawa ne da faɗuwar rana, dare yana gabatar wuni, shi ya sa "daren Juma'a" a bakin mutane da yawa yake nufin daren Alhamis wayewar Juma'a. Wasu kuma, musamman a labarai, suna nufin daren da ya biyo wunin Juma'a. Idan maganar tafiya ce ko wa'adi, ya fi a ce "daren Alhamis wayewar garin Juma'a".

Tsakar ranar agogo da tsayuwar rana

Kalmar Latin ɗin tana nufin lokacin da rana take tsaka, amma agogo ba ya bin ranar kowane gari. Lokacin Najeriya da Nijar an ɗora shi kan layin digiri 15 gabas, kuma kowane digiri ɗaya yamma da shi jinkirin minti huɗu ne. Kano tana wajen digiri 8 da rabi, don haka rana takan tsaya tsaka a can da misalin 12:26, tana gaba ko baya da kusan kwata gwargwadon watan shekara. A Yamai, wadda take wajen digiri 2, sai misalin 12:52. Da 12:05 PM a Kano agogo ya rubuta "bayan tsakar rana", alhali rana ba ta yi zawali ba, lokacin Azahar bai shiga ba tukuna.