Rashin tabbas a awo

Rashin tabbas a awo shi ne adadin da ake rubutawa tare da sakamakon awo don nuna iyakar da ake tsammanin ainihin amsa za ta faɗa a cikinta. Idan aka rubuta tsawon zare mita 0.800 ± 0.002, ana nufin mafi kyawun ƙiyasi shi ne 0.800, kuma ana tsammanin ainihin tsawon yana tsakanin 0.798 da 0.802. Rashin tabbas ya bambanta da kuskure. Kuskure shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka auna da ainihin amsa, wadda yawanci ba a san ta ba. Shi kuwa rashin tabbas mai awo ne ke ƙiyasta shi daga kayan aikinsa da kuma yadda alƙalumansa suka warwatsu.

## Hanyoyin ƙiyastawa

Littafin jagora na ƙasa da ƙasa da ake kira GUM, wanda aka fara wallafawa a shekarar 1993, ya kasa ƙiyasin gida biyu. Nau'in A shi ne wanda ake samu ta maimaita awo sau da yawa a lissafa warwatsuwarsa. Nau'in B kuma shi ne wanda ake samu ta wata hanya dabam, kamar duba ƙanƙantar zanen da ke jikin rula ko bayanin da masu ƙera na'ura suka bayar.

Ana iya ganin duka biyun a gwajin lilo da ake yi wa ɗaliban fiziks. Ana rataye ɗan dunƙulen ƙarfe da zare, a auna tsawon lilon L da lokacin T da yake ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya. Daga nan ake lissafa g, wato yadda gudun abin da ke faɗowa ƙasa yake ƙaruwa a kowane sakan:

```
g = 4π²L / T²
```

## Tsawo da lokaci

A ce an auna L da rula mai zanen milimita aka samu mita 0.800. Zanen rular kaɗai zai ba da rashin tabbas na kusan rabin milimita. Amma tsawon lilo yana farawa ne daga inda aka ɗaure zaren zuwa tsakiyar ƙarfen, kuma tsakiyar ba ta da alama, sai dai a kintata da ido. Saboda haka ya fi dacewa a ɗauki milimita 2, wato mita 0.002. Wannan ƙiyasi ne na Nau'in B.

Wajen lokaci, babbar matsalar ita ce jinkirin hannun mai danna agogo. Shi ya sa ake ƙirga zuwa da dawowa 20 a jere maimakon ɗaya. A ce an maimaita haka sau biyar an samu sakan 35.8, 36.1, 35.9, 36.0 da 35.7. Matsakaicinsu 35.9 ne.

Don auna warwatsuwa, ana cire matsakaicin daga kowane adadi, a ninka kowane bambanci da kansa, a tara su. A nan jimlar 0.10 ce. Sai a raba ta da 4, wato yawan awon ban da ɗaya, a ɗauki tushen murabba'i, wanda ya ba da 0.16. Wannan shi ne yadda awo guda ke kaucewa. Matsakaici ya fi awo guda inganci, don haka ana sake raba 0.16 da √5, a samu 0.07. Lokacin zuwa da dawowa 20 ke nan sakan 35.90 ± 0.07. Idan aka raba duka biyun da 20, T ya zama sakan 1.795 ± 0.0035.

## Shigar da shi cikin lissafi

Idan ana tarawa ko ɗebewa, ana haɗa rashin tabbas ɗin ne da ma'auninsu, kamar mita da mita. Idan kuwa ana ninkawa ko rabawa, kamar a lissafin g, sai a fara mayar da kowanne kaso na adadinsa. Na L shi ne 0.002 a raba da 0.800, wato kashi 0.25 cikin 100. Na T shi ne 0.0035 a raba da 1.795, kusan kashi 0.2 cikin 100.

Da yake an ninka T da kansa a lissafin, kasonsa yana ninkuwa biyu ya zama 0.4. Lamba 4 da π ba a auna su ba, don haka ba su ƙara komai. Ana amfani da harafin δ a matsayin alamar rashin tabbas:

```
δg/g = √[(δL/L)² + (2δT/T)²]
     = √(0.25² + 0.4²) % ≈ 0.47 %
```

Dalilin da ya sa ba a tara 0.25 da 0.4 kai tsaye ba shi ne awon tsawo da na lokaci ba su dogara da juna ba. Da wuya duka biyun su kauce zuwa gefe ɗaya har iyakarsu a lokaci guda. Wani lokaci ɗaya yana rage tasirin ɗayan. Tarawa kai tsaye za ta ba da 0.65, wanda ya zarce abin da ake tsammani.

Lissafin ya ba da g = 9.802, kuma kashi 0.47 cikin 100 na wannan kusan 0.046 ne. A rahoto ana taƙaita rashin tabbas zuwa lamba ɗaya ko biyu masu ma'ana, sannan a yanke sakamakon a daidai wannan gurbin:

```
g = 9.80 ± 0.05 m/s²
```

Rubuta 9.8021 kamar yadda kalkuleta ta nuna da'awa ce ta sanin abin da awon bai nuna ba. Ainihin g yana kamawa daga kusan 9.78 a yankin ikwaita zuwa kusan 9.83 a ƙarshen duniya ta arewa da ta kudu, don haka wannan sakamako ya dace, amma ba zai iya bambance wuri da wuri ba.

Lissafin yana kuma nuna inda ya kamata a gyara. Kason lokaci ya fi na tsawo, saboda haka ƙara yawan zuwa da dawowar da ake ƙirgawa ya fi sauya rula amfani. Da zuwa da dawowa ɗaya kawai aka auna, 0.07 ɗin zai zama kusan kashi 4 cikin 100 na T, kuma g ya fito da ± 0.8.

## Abin da hanyar ba ta kamawa

Maimaita awo yana rage kuskuren da ke sauyawa daga awo zuwa awo, amma ba ya taɓa kuskuren da ke karkata kowane awo zuwa gefe ɗaya. Idan aka tsayar da rula a saman ƙarfen maimakon tsakiyarsa, kuma tazarar santimita 1 ce, za a rubuta L a matsayin 0.790, g ya sauko zuwa 9.68. Haka kuma lissafin lilo yana aiki ne idan ba a ja shi da nisa ba. A digiri 30, T yana ƙaruwa da kusan kashi 1.7 cikin 100, g kuma ya ragu da fiye da kashi 3.

Alamar irin wannan matsala ita ce alƙaluma su yi kusa da juna sosai, amma sakamakon ya yi nesa da adadin da aka sani da fiye da ninki biyu na rashin tabbas. A misalin 9.68, tazarar ta kai kusan 0.1 ko fiye, alhali rashin tabbas 0.05 ne. Abin yi a nan shi ne a binciki yadda aka yi awon, a bayyana dalilin a rahoto, ba a ƙara girman ± don ya rufe tazarar ba.

Ƙa'idar haɗawar kanta tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, rashin tabbas ya zama ƙarami idan aka kwatanta shi da adadin da aka auna. Na biyu, awon su kasance ba su dogara da juna ba. Idan aka auna tsawo da faɗin allo da rula ɗaya wadda zanenta ba daidai ba ne, duka biyun za su karkata gefe ɗaya, kuma a wannan hali ana tara kasonsu kai tsaye wajen lissafa girman filin allon.