Daga dama ko daga hagu: inda rubutu ya samo alƙiblarsa

Yaron da ke zuwa makarantar allo da safe, ya kuma je ta boko da hantsi, hannunsa na bin hanya biyu a rana ɗaya: a kan allo daga dama, a littafin boko daga hagu. Da yawa sun ɗauka rubuce-rubucen nan biyu ba su haɗa komai ba. Alhali kakansu ɗaya ne, kuma kakan nan bai damu da dama ko hagu ba sai daga baya.

Rubutu bai fara da waƙa ko tarihi ba, da lissafin dukiya ya fara. A birnin Uruk, a kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 3300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ma'ajin gidajen bauta suna shata alamomi a kan ɗanyen yumɓu: tumaki kaza, mudun sha'ir kaza. Zanen tunkiya da adadi a gefensa ya wadatar ga ƙirga. Matsala ta taso ne da aka so rubuta sunan mai kayan, ko wani abin da ba ya zanuwa. Dabarar da suka yi ita ce aron sauti. A harshen Sumer, kalmar kibiya da kalmar rai duk "ti" ake furta su, sai suka riƙa zana kibiya idan suna nufin rai. Kamar Bahaushe ya zana kan mutum ne alhali yana nufin "kai" na wanda yake magana da shi. Daga ranar da hoto ya tsaya a madadin sauti, sai ya zama ana iya rubuta duk abin da baki ya faɗa. Masar ta fito da nata rubutun kusan lokaci guda. Sin ma ta ƙirƙiri nata, wanda mafi tsufan abin da aka samu na ƙasusuwan duba ne na wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, haka ma mutanen Amurka ta Tsakiya.

Waɗannan rubuce-rubuce suna da ɗaruruwan alamomi, sai wanda ya yi shekaru yana koyo ke iya su. A Masar, rubutun hotuna da ake sassaƙawa a bango yana iya bin kowace alƙibla, gwargwadon yadda zai ƙawata ginin. Mai karatu yakan duba inda tsuntsaye da mutanen cikin layin suka fuskanta, daga can zai faro. Amma rubutun yau da kullum, wanda magatakarda ke yi da tawada a kan takardar papirus, daga dama yake tafiya koyaushe. A riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba.

A shekarar 1905, masanin tona kayan tarihi Flinders Petrie da tawagarsa suka ci karo da wasu baƙin zane-zane a Serabit el-Khadim, a yankin Sinai, inda Misirawa ke haƙar wani shuɗin dutse mai daraja. Alamomin sun yi kama da na Masar, amma ba su wuce talatin ba, kuma ba su karantuwa da harshen Masar. A 1916 Alan Gardiner ya gano bakin zaren. Masu zanen ma'aikata ne masu magana da wani harshe ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. Sun ari hotunan Misirawa, suka kira kowane hoto da sunansa a harshensu, suka ɗauki sautin farko kaɗai. Zanen gida, wanda suke kira da suna irin "baiti" na Larabci, ya zama sautin b. Zanen ruwa mai igiya ya zama m. Zanen ido ya zama ainun, kuma har gobe sunan harafin nan a Larabci ido yake nufi. Kan sa mai ƙaho shi ne asalin alif, shi ne kuma asalin A na boko: kifa A ka ga ƙahonin a sama. Da wannan hanya Gardiner ya karanta haruffa huɗu da suka yi ta maimaituwa, suka ba da sunan Ba'alat, abar bautar wurin.

Waɗannan haruffa na farko, masu shekaru kusan 3,800, ba su da tsayayyar alƙibla. Wani ya rubuta daga sama zuwa ƙasa, wani daga dama, wani daga hagu. Sai wajen 1050 kafin haihuwar Annabi Isa ne Finikiyawa, fataken teku na gaɓar Lebanon ta yau, suka tsaya a kan haruffa 22 da kuma tafiya daga dama. Masana da dama suna danganta wannan zaɓi da tasirin magatakardan Masar, waɗanda garuruwa irin su Byblos suka daɗe suna ciniki da su. Daga rubutun Finikiyawa na Aramiyawa ya fito. Daga na Aramiyawa aka sami na Ibrananci da na Nabatiyawan birnin Petra, daga na Nabatiyawa kuma na Larabci ya tsiro. Kowane ɗa ya gaji alƙiblar ubansa, har ta iso ajamin Hausa.

Girkawa su ne suka juya. Sun karɓi haruffan Finikiyawa wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suka mayar da wasu daga cikinsu wasula, kuma da farko su ma sukan rubuta daga dama. Akwai kuma salon da suka sa wa suna da ke nufin juyawar sa a wurin huɗa: layi ɗaya ya tafi hagu, na biye ya dawo dama, haruffan ma suna juya fuska tare da layin. Dokokin birnin Gortyn da ke tsibirin Kirit, waɗanda aka sassaƙa a bango a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, haka aka rubuta su, kuma suna nan ana gani. A ƙarshe tafiya daga hagu ta yi rinjaye, haruffa suka daskare suna fuskantar dama. Shi ya sa haƙoran E da cikin B suke duban wannan ɓangare, alhali kakanninsu na Finikiya hagu suke duba. Rumawa suka gaji haruffan ta hannun mutanen Etruriya, su ma daga baya suka tsaya a kan tafiya daga hagu, Turawa suka gaje su, boko ya zo mana da shi.

Akwai wani bayani da ake yawan yaɗawa, wai rubutun dama ya samo asali ne daga sassaƙar dutse: guduma a hannun dama, kurfi a hagu, don haka aikin ya fi sauƙi idan aka nufi hagu, da tawada ta zo sai aka juya don kada hannu ya shafe ta. Bayani ne mai daɗin ji, amma a ganina bai tsaya da ƙafarsa ba. Magatakardan Masar da tawada suke rubutu, daga dama kuwa, tsawon dubban shekaru. Malaman Larabci da na ajami ma haka, kuma duk almajirin da ya iya riƙe alƙalami ya san hannunsa a ƙarƙashin layi yake bi, ba a kansa ba. Girkawa kuwa sun ci gaba da sassaƙa dutse daga hagu ba tare da guduma ta hana su ba.

Harshe ma ba shi ke yanke hukunci ba. Harshen Akkad ɗan'uwan Larabci ne, amma da ya ari rubutun yumɓu na Sumer, daga hagu ya riƙa tafiya. Amharik na Habasha ma dangin Larabci ne, daga hagu ake rubuta shi. Farisanci da Urdu kuwa ba su haɗa asali da Larabci ba, amma daga dama suke, domin haruffansa suka ara. Abin da ke tsayar da alƙibla shi ne wurin wa aka koyi rubutu. An sake ganin haka a Afirka ta Yamma kwanan nan: da Sulemana Kante na ƙasar Gini ya ƙirƙiro rubutun N'Ko don harsunan Mande a 1949, haruffansa sababbi ne fil, amma ya tafiyar da su daga dama, yadda ya saba tun yana ɗalibin Alƙur'ani a gidan mahaifinsa.